Sharuɗɗan aikin sabon kwamiti: daga ina ake farawa?

"Ni ne sakataren ƙungiyarmu. Majalisar zartarwa ta amince a kafa kwamitin mutum 7 da zai riƙa kula da tallafin karatun da muke bai wa ɗalibai, aka ce in rubuto masa sharuɗɗan aiki kafin zama na gaba. Ban taɓa yi ba. Me zan rubuta a kan aikinsa, da mambobinsa, da mutum nawa za su hallara kafin a yi zama, da yadda zai riƙa kawo rahoto?"

Malam Sakatare, kafin ka ɗora alƙalami a kan takarda, koma wurin shugaban majalisarku ka yi masa tambaya guda: wannan kwamiti shi zai yanke hukunci da kansa, ko kuwa shawara zai kawo, majalisa ta yanke? Kada ka yarda da amsar "ai duk ɗaya ne". Idan shugaba bai sani ba, a mayar da maganar gaban majalisa a yi matsaya, a rubuta. Na daɗe ina rubuta irin wannan takarda, ina kuma gyara waɗanda wasu suka rubuta, kuma kusan duk rigimar da aka kira ni a kanta, idan na bi sawunta, a nan take farawa. Amsar wannan tambaya ita za ta gaya maka su wa za ka sa a kwamitin, mutum nawa za su isa a yi zama, da irin rahoton da za a nema daga gare su. Kwamitin da shawara kawai yake bayarwa ana iya sassauta masa, domin akwai wanda zai sake duba aikinsa. Wanda maganarsa ce ta ƙarshe kuwa, dole a ɗaure shi tamau.

Kalmar da nake roƙonka ka guje mata ita ce "kula da". Tana da daɗin faɗa a taro, amma a takarda ba ta ɗaure kowa. Idan ka rubuta cewa kwamiti zai kula da harkar tallafin karatu, shugaban kwamitin zai fahimci cewa shi ne mai zaɓar ɗalibai, ya sanar da su, ya ce ma'aji ya biya. Shugaban majalisa kuma zai fahimci cewa kwamiti zai tattaro takardu ne ya kawo masa. Kowannensu yana da gaskiya, tunda jimlar ta ɗauki duka fassarorin biyu. Maganinta shi ne ka warware aikin zuwa matakansa, ka sa wa kowane mataki kalmar aiki wadda za a iya cewa an yi ko ba a yi ba. A harkar tallafi matakan ba su da yawa: tsara ƙa'idojin cancanta, fitar da sanarwa, karɓar takardun masu nema, tantancewa, jera sunaye bisa maki, amincewa da jerin ƙarshe, sanar da waɗanda suka samu, biyan kuɗi, sannan sauraron ƙorafi. Zauna da wannan jeri ka tambayi kanka a kan kowanne: na kwamiti ne, na majalisa ne, ko na ma'aji?

Da ni ne, ga yadda zan raba. Majalisa ce za ta amince da ƙa'idojin cancanta da yawan guraben shekara, ko da kwamiti ne ya tsaro su. Kwamiti ya karɓa, ya tantance, ya jera. Amincewa da jerin ƙarshe ita ce mahaɗar da za ku zaɓa. Biyan kuɗi ya tsaya a hannun waɗanda tsarin mulkinku ya ba sa hannu a asusu. Ƙorafi kuma kada ya koma wa mutanen da ake ƙorafi a kansu. Sai sakin layin ya fito kamar haka: "Kwamiti zai tantance masu neman tallafi bisa ƙa'idojin da majalisar zartarwa ta amince da su, ya zaɓi waɗanda suka cancanta har iyakar guraben da majalisa ta ware a shekarar, ya miƙa sunayensu ga ma'aji domin biya. Kwamiti ba shi da ikon canza ƙa'idoji, ko ƙara gurabe, ko yin alkawarin kuɗi da sunan ƙungiya." Ka lura da jimla ta biyu. Mutane suna jin nauyin rubuta abin da aka hana kwamiti, suna ganin kamar rashin yarda ne da dattawan da aka naɗa. Alhali ita ce garkuwarsu. Ranar da wani babba ya kira shugaban kwamiti ya ce a ƙara masa yaro ɗaya, shugaban yana da takardar da zai nuna ya ce wannan ya fi ƙarfina.

Akwai wani abu da za ka duba kafin ka wuce nan. Buɗe tsarin mulkin ƙungiyarku ka nemo sashen da ya ba majalisa ikon kafa kwamiti, ka ambace shi a layin farko na takardarka, tare da ranar zaman da aka amince. Majalisa ba ta iya bayar da ikon da ita kanta ba ta da shi. Idan tsarin mulki ya ce babban taro ne kaɗai ke amincewa da kashe kuɗin da ya wuce wani adadi, to ko majalisa ta rubuta wa kwamiti wannan iko, rubutun banza ne. Haka nan kwamiti ba ya miƙa ikon da aka ba shi ga wani sai an yarje masa a rubuce. Idan kana ganin za su buƙaci ƙaramin kwamiti na mutum 2 ko 3 da zai duba sahihancin takardun makaranta, rubuta cewa suna iya kafawa, amma hukunci yana nan a hannun cikakken kwamiti.

Mu ɗauka majalisarku ta zaɓi ba kwamiti ikon yanke hukunci, domin a nan ne aikin ya fi wuya.

A batun mambobi, rubuta kujeru, kada ka rubuta sunaye. Sunaye su tafi a takardar naɗi daban, wadda za a iya canzawa ba tare da an taɓa sharuɗɗan ba. Misali: shugaba da majalisa za ta naɗa daga cikin mambobinta, ma'ajin ƙungiya saboda muƙaminsa, mutum 3 daga sauran 'yan ƙungiya, da mutum 2 daga waje masu sanin harkar ilimi. Sun cika 7 ke nan. Wanda ya shiga saboda muƙami, kamar ma'aji, kujerar ta muƙamin ce: ranar da ya sauka daga ma'aji, ranar ya bar kwamiti, wanda ya gaje shi ya zauna. Faɗi haka ƙarara, don na ga tsohon ma'aji ya ci gaba da zuwa zama wata da watanni saboda babu mai iya ce masa ya daina. Ka sa wa'adi, a ce shekara 2, ana iya sabuntawa sau ɗaya. Idan kwamitin na dindindin ne, kada wa'adin kowa ya ƙare rana ɗaya. A naɗin farko a ba mutum 3 shekara 1, sauran shekara 2, ta yadda kullum za a sami wanda ya san yadda aka yi bara.

Sai kai kanka. Idan kai ne za ka riƙa ɗaukar bayanan zama, takardar ta faɗa ko kai mamba ne mai ƙuri'a, ko kuwa mai halarta ne kawai. Wannan layi ɗaya ne, amma za ka ga amfaninsa yanzun nan.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, wato mafi ƙarancin adadin da idan ya hallara zama ya halatta. Babu wani adadi da aka saukar wa kowa. Majalisar wakilan Birtaniya mai kujeru 650 mutum 40 ne adadinta. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 54, ya sa kashi ɗaya cikin uku ga majalisar dattawa da ta wakilai. Babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya raba abin gida biyu: kashi ɗaya cikin uku ya isa a buɗe zama a fara muhawara, amma ba a yanke hukunci sai fiye da rabin ƙasashe suna wurin. Manyan majalisu suna iya saukar da adadin saboda suna da yawa, zamansu a bainar jama'a yake, kuma akwai 'yan adawa masu sa ido. Kwamitin mutum 7 da ke zama a rufe yana raba dukiyar jama'a ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Don haka kada ka kwaikwayi kashi ɗaya cikin uku don ka ji ana yi a majalisa.

Yi lissafin da kanka ka gani. Tambayar da ta kamata ita ce: mutum nawa ne mafi ƙaranci da za su iya yanke hukunci da sunan kwamiti duka? Idan adadin halatta zama 3 ne, kuma rinjayen waɗanda suka zo ake bi, to mutum 2 sun isa su raba tallafin shekara. Idan 4 ne, sai mutum 3 sun yarda. Idan 5 ne, nan ma mutum 3 ne rinjaye, amma ka buɗe wata ƙofa: mutum 3 kacal idan suka haɗa baki suka ƙi zuwa, kwamiti ya tsaya cik. A adadi 4 kuwa sai mutum 4 sun ƙaurace kafin aiki ya tsaya, kuma idan har 4 cikin 7 suka ƙi zuwa, matsalar ta wuce ta lissafi. Shi ya sa ga kwamitinku nake ba da shawarar 4. Ƙa'idar da ke ƙarƙashinsa ita ce adadin ya haura rabi. Dalili kuwa, idan rabi ne daidai ko ƙasa da haka, ɓangarori biyu suna iya yin zama biyu a rana guda, kowanne ya ce nasa ne halattacce. A kwamitin mutum 8 mai adadin "rabi", 4 su zauna a nan, 4 su zauna a can, a fito da jerin sunaye biyu. Idan ya haura rabi, hakan ba ta taɓa yiwuwa.

Ka rubuta adadin da lamba, kada ka bar shi a kashi. Rabin 7 uku da rabi ne, kuma babu rabin mutum. Kashi biyu cikin uku na 7 ya fi 4 bai kai 5 ba. Ranar da aka zo gardama, mai son a yi zama zai ce a sauko ƙasa, mai son a fasa ya ce a hau sama.

Bari in ba ka labarin wani zama da aka kawo min bayanansa in duba, a wata ƙungiya da ba zan ambata ba, domin shi ne ya koya min yawancin abin da nake gaya maka. Kwamitinsu ma mutum 7 ne, takardarsu ta ce "rabin mambobi sun isa a yi zama". Kafin lokacin tantancewa, mutum ɗaya ya ajiye aiki, ɗaya ya yi ƙaura, ba a cike gurabensu ba. Saura 5. Ranar zama mutum 3 suka zo, ga sakatare na huɗu. Masu nema 40, gurabe 12. Shugaba ya duba ɗakin ya ce, "Rabin biyar biyu da rabi ne, mu uku ne, mun wuce. Bismillah." Ana cikin aiki aka zo kan takardar wani yaro, sai ɗaya daga cikin ukun ya ce, "Wannan ɗan ƙanena ne, bari in ba ku wuri." Ya fita, aka yaba masa. Mutum 2 suka rage, suka duba, suka sa yaron a na 11. Ya dawo, aka ƙarasa, aka kafe sunaye washegari. Na ga takardar da idona: shafi ɗaya, an rubuta sunayen waɗanda suka halarta a sama, har da na sakatare a cikinsu ba tare da an bambanta ba, kuma babu inda aka nuna cewa wani ya fita ko ya dawo.

Mahaifin yaron da ya zo na 13 ya rubuto ƙorafi, kuma duk tambayar da ya yi takardar sharuɗɗan ba ta da amsarta. Rabin 7 ake nufi ko rabin waɗanda suka rage? Idan na 7 ne, mutum 3 ba su kai ba. Sakatare yana cikin lissafi? Babu wanda ya sani. Lokacin da aka yanke hukunci a kan yaro na 11, mutum nawa ne a ɗakin? Biyu. Ban ga alamar cewa wani ya yi niyyar cuta ba, kuma mai yiwuwa yaron ya cancanci gurbinsa. Amma ba a iya kare hukuncin, dole aka soke jerin aka sake, bayan an riga an yi wa iyalai 12 albishir. Mutumin da ya fita don kare mutuncinsa shi ne aka fi zargi, kuma bai sake yarda ya shiga wani kwamiti ba. Har yau abin yana damuna, domin layuka huɗu ne da an rubuta su da ba a kai nan ba.

Ga layukan. Na farko: "Zama ba ya halatta sai mambobi 4 masu ƙuri'a sun hallara, ko da akwai guraben da ba a cike ba." Wannan ya kashe gardamar rabin 7 da rabin 5, kuma yana tilasta wa majalisa ta cike gurbi da wuri. Ka ƙara cewa a cike gurbi cikin kwana 30. Na biyu: "Sakatare da duk wanda aka gayyata ba sa cikin wannan lissafi." Na uku: "Dole adadin ya kasance cikakke a lokacin yanke kowane hukunci." Ƙirga kai a farkon zama kaɗai ba ya isa, domin mutane suna fita, wani ya amsa waya bai dawo ba, wani ya nemi izini ya tafi. Na huɗu: "Mamban da ya janye daga wani batu saboda yana da alaƙa da shi ba a ƙirga shi a kan wannan batun. Idan janyewarsa ta sa adadi ya gaza, a ɗage batun zuwa zama na gaba, ko a miƙa shi ga majalisa."

A kan janyewa akwai wani abu da ya keɓanta da irin aikinku, kuma ba kowa ke lura da shi ba. Inda gurabe ke da iyaka, fita daga ɗaki a kan takarda ɗaya ba ya wanke mutum. Wanda ɗan ƙanensa ke cikin masu nema 40, duk makin da ya rage wa wani yaro ya ɗaga nasa sama, ko da bai yi da gangan ba. Saboda haka a tattara sunayen masu nema a raba wa mambobi kafin a fara ba da maki, kowa ya sa hannu cewa ba shi da ɗa, ko ɗan'uwa na kusa, ko wanda ke ƙarƙashin kulawarsa a ciki. Wanda yake da shi ya janye daga zagayen shekarar gaba ɗaya. Ku fayyace iyakar "na kusa" a rubuce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ku kuka san yadda 'yan ƙungiyarku suke da alaƙa da juna. Idan kun faɗaɗa ma'anar har ta haɗa da duk wanda aka sani, ba za ku sami mutum 4 da za su zauna ba. Amfanin mutum 2 na waje ke nan. Wasu ma suna sa sharaɗin cewa cikin huɗun dole a sami aƙalla ɗaya daga cikinsu, kuma ina ganin hakan daidai ne a zaman da za a fitar da jerin ƙarshe.

Abin da ba na so shi ne sharaɗin "dole shugaban kwamiti yana ciki". Da ka rubuta haka ka ba mutum ɗaya makullin kwamiti: duk ranar da ya ga hukunci ba zai tafi yadda yake so ba, sai ya yi zamansa a gida. Rubuta cewa idan shugaba bai zo ba bayan minti 15, mataimaki ya jagoranta, idan babu, waɗanda suka zo su zaɓi ɗaya daga cikinsu don wannan zaman kaɗai. Idan ƙuri'a ta yi kunnen doki, 2 da 2, takardar ta faɗi abin yi. Hanya biyu ce: ko mai jagorantar zama ya sami ƙuri'ar raba gardama, ko a ɗauka batun bai wuce ba. Ikon raba gardama ba ya zuwa da kujera haka kawai, sai an rubuta shi. Ni na fi son a ce bai wuce ba a dawo da shi idan an fi yawa, domin idan shugaba ya jefa ƙuri'a sau biyu a zaman mutum 4, mun koma inda muka gudu, mutum 2 sun yanke.

To idan an kira zama adadi bai cika ba fa? A jira minti 30, a rubuta sunayen waɗanda suka zo, a sa wata rana cikin kwana 7. Waɗanda suka zo suna iya tattaunawa, su duba takardu, amma ba su yanke komai. Za ka ga wasu takardu sun ce a zama na biyu duk waɗanda suka zo sun isa. Wannan yana da amfani a babban taron mambobi ɗaruruwa, inda tara jama'a ke da wuya. A ƙaramin kwamiti mai raba kuɗi haɗari ne. Gara a ce idan zama ya gagara sau 2 a jere, batun ya koma hannun majalisa. Sannan duk mamban da ya rasa zama 3 a jere ba tare da uzurin da aka karɓa ba, kujerarsa ta zama fanko, ba sai an yi zaman tsige shi ba.

Kada ka manta cewa cikar adadi ba ta gyara zaman da ba a gayyaci kowa ba. Mutum 4 da suka haɗu suka ƙi sanar da sauran 3 ba su yi zaman kwamiti ba. Rubuta wanda ke kiran zama, da kwanakin sanarwa, a ce 7, tare da ajanda. Ka ba mambobi 3 ikon neman a kira zama a rubuce idan shugaba ya yi shiru. Halarta ta waya ko ta bidiyo kuma ka yarda da ita, bisa sharaɗin mutum yana jin kowa kowa yana jinsa har zuwa lokacin ƙuri'a. Amma "na amince" da aka turo a zauren WhatsApp tsakar dare ba zama ba ne. Idan kuna son hanyar gaggawa, a rubuta ƙudurin a aika wa dukkan mambobi, kowa ya amsa a rubuce cikin wa'adi, a shigar da shi bayanan zama na gaba, kuma kada a yi amfani da ita wajen fitar da jerin sunaye.

Saura rahoto. "Kwamiti zai riƙa kawo rahoto lokaci zuwa lokaci" jimla ce da ba a taɓa kama kowa da laifin saɓa mata ba. Tunda kun ba kwamiti ikon yanke hukunci, rahoto ne kaɗai tagar da majalisa za ta leƙa ta ga abin da ake yi da sunanta, don haka ka ɗaure shi da rana. Ka bambanta abubuwa biyu. Bayanan zama na kwamiti ne: wa ya zo, wa ya fita da ƙarfe nawa, me aka yanke, ƙuri'a nawa da nawa. Sakatare ya fitar da su cikin kwana 7, a gyara a amince a zama na gaba, shugaba ya sa hannu. Rahoto kuma na majalisa ne, kuma zai fi kyau ka ɗaure shi da aikin kansa: cikin kwana 14 bayan kammala tantancewa, kafin ma'aji ya biya ko sisi. Ya ƙunshi yawan masu nema, yawan waɗanda aka cire tun farko da dalili, jerin maki, sunayen da aka zaɓa da na masu jiran gurbi, mambobin da suka janye, da ranakun zama da waɗanda suka halarta. Shafi 2 ko 3 sun isa. Takardun ɗalibai, musamman abin da ya shafi halin gidajensu, kada su bi rahoto suna yawo. Su tsaya a wurin sakatare, a faɗi wanda ke da izinin gani da tsawon lokacin da za a ajiye su.

Rahoton na kwamiti ne, shugaba mai gabatarwa ne kawai, saboda haka a karanta shi a zama a amince kafin ya fita. Mamban da bai gamsu ba a ba shi damar haɗa gajeren bayaninsa a ƙarshe. Wanda aka toshe wa wannan hanya zai nemi wata, kuma yawanci a waje zai faɗa.

Sai ɓangaren da kusan kowa ke mantawa: me majalisa za ta yi idan rahoto ya iso? Idan ikon yanke hukunci na kwamiti ne, majalisa ba ta da hurumin cire suna ta sa wani. Abin da za ta iya shi ne ta duba ko an bi ƙa'ida, idan ba a bi ba ta mayar wa kwamiti da dalilinta a rubuce. Ka sa mata wa'adi ita ma, a ce kwana 14, idan ta yi shiru jerin ya tabbata, ma'aji ya biya. In ba haka ba za ka tarar kwamiti ya gama aikinsa a kan lokaci, rahoto yana kwance a jakar shugaba, makarantu sun buɗe, yara suna jira. Kuma kada a sanar da kowane ɗalibi sai wannan wa'adi ya wuce.

Takardar duka kada ta wuce shafi 2 zuwa 3. A ƙasanta ka rubuta cewa majalisa ce kaɗai ke iya gyara ta, cewa idan ta ci karo da tsarin mulkin ƙungiya tsarin mulki ne a sama, da kuma cewa za a sake duba ta bayan zagayen farko na tallafi, lokacin da kowa ke tune da inda aka yi tuntuɓe. Kafin ka kai ta majalisa, ba wani mamba da bai san yadda aka yi ba ya karanta, ka karanta masa labarin zaman nan na mutum 3 da sakatare, ka ce ya nemo maka amsar kowace tambaya ta mahaifin yaro na 13 daga cikin takardarka. Inda ya tsaya yana cewa "ina jin ana nufin", ja layi a wurin ka sake rubutawa. Idan majalisa ta amince, a sa ranar amincewa, shugaba da kai ku sa hannu, a haɗa kwafi da takardar naɗin kowane mamba, kuma abu na farko a ajandar zaman farko na kwamiti ya zama karanta ta a bayyane daga farko har ƙarshe.